Yadda shafin intanet ke tantance kalmar sirrinka ba tare da ya ajiye ta ba

Shafin intanet da aka gina shi yadda ya kamata bai san kalmar sirrinka ba. Mai shafin bai san ta ba, injiniyan da ke kula da rumbun bayanan bai san ta ba, kuma ɓarawon da ya kwashe rumbun gaba ɗaya ba zai tarar da ita a rubuce ba. Amma duk da haka, in ka rubuta ta daidai shafin ya buɗe maka, in ka kuskure harafi ɗaya ya mayar da kai. Abin da ke sa hakan ya yiwu wani lissafi ne da ake kira hash, tare da wasu dabaru biyu da ake haɗa masa, waɗanda in babu su lissafin bai tsinana komai ba. Zan bi aikin daki-daki, daga lokacin da mutum ya yi rajista har zuwa ranar da aka sace rumbun, ina amfani da harshen PHP domin umarninsa gajeru ne. Tsarin ɗaya ne a kowane harshe na rubuta manhaja.

Fara da ganin hash da idonka

Hash lissafi ne da ake zuba masa rubutu ko wane irin tsawo, ya fitar da jerin lambobi da haruffa mai tsawo ɗaya kullum. Idan kana da kwamfuta mai Linux, buɗe tagar umarni ka rubuta waɗannan:

```
printf '12345' | sha256sum
5994471abb01112afcc18159f6cc74b4f511b99806da59b3caf5a9c173cacfc5

printf '123456' | sha256sum
8d969eef6ecad3c29a3a629280e686cf0c3f5d5a86aff3ca12020c923adc6c92
```

Dubi abin da ya fito da kyau. Lamba ɗaya tak aka ƙara, amma sakamakon biyu ba su da wata kama da juna. Kowannensu haruffa 64 ne, kuma ko littafi guda ka zuba wa wannan lissafin, mai suna SHA-256, haruffa 64 ɗin zai ba ka. In ka maimaita umarnin gobe, ko a wata kwamfutar, amsar ba za ta sauya ba. Sannan babu wata hanya sananniya ta juya lissafin baya, a ɗauki `8d969e...` a warware shi ya koma `123456`.

Kamar zanen yatsa ne a takarda. Ba a iya sake gina mutum daga zanen yatsansa, amma in ya dawo ya sake dangwalawa, ana iya gwadawa a ga ko shi ne. Shafin ba ya riƙe kalmarka, yana riƙe zanenta. Duk lokacin da ka zo shiga, sai ya sake yin lissafin a kan abin da ka rubuta, ya kwatanta da wanda ya ajiye.

A nan ne ake yawan haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Kulle bayani da makulli, irin wanda ake yi wa saƙonni, ana yin sa ne don a buɗe daga baya, kuma duk wanda makullin ya shiga hannunsa ya ga komai. Kalmar sirri ba ta buƙatar a taɓa buɗe ta, don haka ba a kulle ta, hash ake yi mata. Kamfanin Adobe ya bi hanyar kullewa, kuma da aka kwashe bayanansa a 2013, duk masu kalma iri ɗaya sun fito da sakamako iri ɗaya, ga kuma 'yan bayanan tuni da mutane suka rubuta wa kansu a fili kusa da su. Da waɗannan biyun aka gano ɗimbin kalmomi ba tare da an ma sami makullin ba.

Dalilin da ya sa SHA-256 kaɗai ba zai yi ba

Wanda ya fara koyo yakan tsaya a nan: ya yi wa kalmar SHA-256 ko wani tsohon hash mai suna MD5, ya ajiye, ya ce ya gama. Bai gama ba. Ɓarawo ba ya buƙatar juya lissafin baya. Yi yake kamar yadda shafin ke yi: ya ɗauko kalmar da yake zato, ya yi mata hash, ya duba ko ta dace da wani layi a rumbun da ya sata. Kuma yana da abin da zai yi zato da shi. A 2009 an kwashe kalmomin sirri kusan miliyan 32 daga kamfanin RockYou, wanda ya ajiye su a rubuce ƙarara, kuma har yau wannan jerin yana cikin abin da masu fasa kalmomi ke fara gwadawa.

Matsala ta farko ita ce hash ɗin `123456` ɗaya ne a duk duniya. Wanda ya ga `8d969eef...` a rumbunka ya san ko mene ne nan take, domin an daɗe da lissafa shi an ajiye. Idan mutum dubu biyar a shafinka suka zaɓi kalmar, layuka dubu biyar za su zo iri ɗaya, a fasa su duka da bugu ɗaya. Haka ta faru da LinkedIn a 2012, lokacin da aka baza hash kusan miliyan 6.5 na SHA-1 da ba a haɗa su da komai ba, aka fasa mafi yawansu cikin ɗan lokaci.

Matsala ta biyu sauri ce. An ƙera SHA-256 ne don ya yi gudu, saboda ana tantance manyan fayiloli da shi. Katin sarrafa hoto guda ɗaya na zamani, irin na kwamfutocin wasanni, yana lissafa biliyoyinsa a sakan ɗaya. Wannan saurin kai mai shafi ba ya ƙara ka da komai, tunda hash ɗaya kake buƙata in mutum ya zo shiga. Ɓarawon ne yake cin moriyarsa.

Rajista: gishiri da jan ƙafa

Maganin matsala ta farko shi ne abin da ake kira gishiri: wasu lambobi ne na kan-mai-uwa-da-wabi, yawanci bayit 16, da ake ƙirƙira sabbi ga kowane mutum, a cakuɗa su da kalmarsa kafin a yi lissafin. Mutum biyu masu kalma ɗaya sai su sami sakamako daban-daban, tunda gishirinsu ba ɗaya ba ne. Dabarar tsohuwa ce. Robert Morris da Ken Thompson sun bayyana ta a 1979 a tsarin Unix, inda gishirin yake bit 12 kawai, wato iri 4096.

Gishiri ba asiri ba ne, kuma wannan yakan ɗaure wa mutane kai. Ana ajiye shi a fili tare da hash ɗin, dole ma, domin in babu shi shafin ba zai iya maimaita lissafin ba. Aikinsa shi ne ya hana ɓarawo yin aiki ɗaya ya ci mutum dubu. Kowane layi sai ya zauna ya yi masa nasa lissafin daga farko.

Maganin ta biyu shi ne a yi amfani da lissafin da aka ƙera da gangan don ya ja ƙafa. Sanannu su ne bcrypt, wanda Niels Provos da David Mazières suka gabatar a 1999, da scrypt na Colin Percival a 2009, da Argon2 wanda ya lashe gasar da masana suka shirya don zaɓar lissafin kalmomin sirri a 2015. A PHP layi ɗaya ne ke yin duka aikin, har da ƙirƙirar gishirin:

```php
$hash = password_hash($kalma, PASSWORD_BCRYPT, ['cost' => 12]);
```

Abin da zai fito yana da wannan siffa, haruffa 60 cif:

```
$2y$12$R9h/cIPz0gi.URNNX3kh2OPST9/PgBkqquzi.Ss7KIUgO2t0jWMUW
```

Karanta shi daga hagu. `$2y$` yana cewa bcrypt ne. `12` shi ne nauyin aikin. Haruffa 22 da suka biyo baya, daga `R9h/` zuwa `kh2O`, su ne gishirin. Sauran 31 ɗin su ne hash ɗin kansa. Komai da ake buƙata don tantancewa yana cikin wannan layi ɗaya, shi ya sa ba sai ka buɗe wa gishiri wani gurbi daban a teburin rumbun bayanai ba.

Lambar nauyin nan tana son a fahimce ta sosai. Ba zagaye 12 take nufi ba, 2 ne aka ninka da kansa sau 12, wato zagaye 4096. In ka mayar da ita 13 aikin ya ninka biyu, 14 ya ninka huɗu. Yadda ake zaɓenta shi ne a gwada a kan sabar, wato kwamfutar da shafin zai zauna a kai, ba a kan wadda kake rubutu da ita ba:

```php
$fari = microtime(true);
password_hash('gwaji', PASSWORD_BCRYPT, ['cost' => 12]);
echo microtime(true) - $fari;
```

Ka riƙa ɗaga lambar har lokacin ya kai wajen kwata na sakan zuwa rabin sakan. Mai shiga shafi ba zai ji wannan jinkirin ba. Amma kada ka zarce, domin in kowace shiga tana cin sakan uku, mutum ɗari suka zo lokaci ɗaya sabar ta durƙushe, kuma mai mugun nufi zai iya durƙusar da ita da gangan ta hanyar turo buƙatun shiga na ƙarya. Ƙasa da 10 kuwa ba a sauka.

Sai ka ajiye `$hash` a teburi, kalmar kuma ka bar ta ta ɓace da ƙarewar buƙatar. Gurbin ajiyar ka ba shi `VARCHAR(255)`, ko da yake 60 ya isa bcrypt, saboda ranar da za ka koma wani lissafin mai dogon sakamako.

Shiga: inda ake tantancewa

Mutum ya rubuta imel da kalma ya danna. Kalmar tana tafiya zuwa sabar ta cikin HTTPS, tsarin da ke kulle bayanan da ke tafiya tsakanin burauza da sabar, kuma wannan ne kaɗai ke kare ta a hanya, hash ba ruwansa da wannan ɓangaren. Sabar ta nemo layin mai wannan imel, ta ɗauko hash ɗinsa, sannan:

```php
if (password_verify($kalma, $hash)) {
    // an tantance
}
```

A cikin `password_verify` abubuwa uku ke faruwa. Yana karanta farkon layin da aka ajiye ya san wane lissafi ne, da wane nauyi, da wane gishiri. Yana yi wa kalmar da aka rubuto yanzu lissafin da waɗannan ma'aunan daidai. Sannan ya kwatanta sakamakon biyu ta hanyar da lokacinta ba ya nuna a wane harafi suka fara saɓawa.

Kuskuren da ya fi kama masu koyo shi ne su sake kiran `password_hash` a lokacin shiga, su kwatanta da `==`. Wannan ba zai taɓa dacewa ba, ko kalmar daidai ce, domin kowane kira sabon gishiri yake ƙirƙira. Alamar wannan kuskure a bayyane take: rajista tana tafiya lafiya lau, amma babu wanda ke iya shiga. Irin wannan alamar ce kuma ke fitowa in gurbin teburin ya yi gajarta, misali `VARCHAR(50)`, a rumbun da ke datse abin da ya wuce ba tare da ya yi ƙorafi ba. Ka ɗauko layi ɗaya ka ƙirga haruffansa. In bai kai 60 ba, ka gano matsalar, kuma waɗanda aka datse nasu sai dai su sake sabuwar kalma.

Akwai wani ɗan rami da ba a cika lura da shi ba. In imel ɗin babu shi a teburi, manhaja takan amsa nan take, in yana nan kuwa sai ta ɗauki kwata na sakan tana lissafi. Mai auna lokacin amsa zai gane waɗanne imel ne ke da rajista a wurinka. Maganinsa shi ne ko imel ɗin babu, ka kira `password_verify` a kan wani hash na banza da ka tanada, kuma saƙon kuskuren ya zama iri ɗaya: imel ko kalmar sirri ba daidai ba ne.

Ranar da aka sace rumbun

Duk wannan wahala don wannan ranar ake yin ta, don haka mu yi lissafinta. Mu ɗauka ɓarawo yana da katin hoto ɗaya mai ƙarfi. Don sauƙin lissafi mu ce yana gwada SHA-256 biliyan 10 a sakan, bcrypt mai nauyi 12 kuma 1,500 a sakan. Ainihin adadin ya danganta da na'ura, amma tazarar da ke tsakaninsu ta kai haka.

Wata mai rajista ta zaɓi ƙananan haruffa takwas da ba sa ba da wata ma'ana. Haruffa 26 a gurbi takwas suna ba da haɗi kusan biliyan 209. Da SHA-256, ɓarawon zai ƙare su kaf a sakan 21. Da bcrypt, biliyan 209 a raba da 1,500 ya haura sakan miliyan 139, wato sama da shekara huɗu, kuma a kan mutum ɗaya ke nan.

Yanzu dubi aikin gishiri. Rumbun yana da mutum miliyan ɗaya, ɓarawon yana son gwada kalmomi 10,000 da aka fi amfani da su a kan kowa. In babu gishiri, hash 10,000 kawai zai lissafa ya bi teburin yana dubawa, kafin ƙiftawar ido ya gama. In akwai gishiri, 10,000 sau miliyan ɗaya ne, lissafi biliyan 10, wanda a gudun 1,500 zai ci kwana 77.

Ga kuma iyakar abin, wadda bai kamata a ɓoye wa kowa ba. A kan mutum ɗaya, kalmomi 10,000 ɗin nan ba su wuce sakan bakwai ba. Wanda kalmarsa `123456` ce, babu lissafin da zai cece shi, a gwajin farko zai faɗi. Hash mai kyau lokaci yake saya wa masu kalma mai ƙarfi, har a gano satar a sanar da su. Saboda haka a wurin rajista ya kamata shafin ya ƙi karɓar kalmomin da aka san sun riga sun bazu, ya kuma bar mutane su sa dogaye. Haka nan hash bai hana wani ya tsaya a ƙofar shafin yana gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan aikin iyakance yawan gwaji ne da tantancewa ta mataki biyu.

Wuraren da kalmar ke zuba duk da hash

bcrypt bayit 72 na farko kawai yake dubawa, abin da ya wuce ya yi watsi da shi. Bayit ne ba harafi ba: a tsarin UTF-8 haruffa irin su ƙ da ɗ kowanne bayit biyu yake ci. Doguwar jimla biyu da suka yi tarayya a bayit 72 na farko, ɗaya ce a wurinsa. Argon2id, wani nau'in Argon2, ba shi da wannan iyaka, kuma ya ɗara shi da wani abu: yana tilasta wa kowane lissafi ya cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yawa, abin da ke karya lagon katin hoto, wanda ƙarfinsa yin dubban lissafi a lokaci ɗaya ne. Ga sabon shafi, shi zan zaɓa in sabar tana ɗauke da shi, ta hanyar sa `PASSWORD_ARGON2ID` a gurbin `PASSWORD_BCRYPT`. Mafi ƙarancin ma'aunin da ƙungiyar OWASP ta masana tsaron manhaja ta ba da shawara a kai shi ne ƙwaƙwalwa megabayit 19 da zagaye 2.

Amma wurin da ya fi ba ni tsoro ba lissafin ba ne, kundin da manhaja ke rubuta abin da take yi ne. Mai gyara yana neman wata matsala, ya sa a riƙa rubuta duk abin da fom ya turo, ya manta bai cire ba. A 2018 Twitter, wanda yake amfani da bcrypt, ya sanar cewa wani kuskure ya sa ana rubuta kalmomin sirri a wani kundi na cikin gida kafin a yi musu hash, ya nemi masu amfani da shi su sauya nasu. Gwajin yana da sauƙi: yi rajista da wata kalma ta musamman, ka shiga da ita, sannan ka neme ta da `grep -r` a duk kundayen sabar. Bai kamata ta fito ko sau ɗaya ba.

Wasu kuma suna ganin wayo ne su yi hash ɗin a cikin burauza su turo sakamakon, sabar ta ajiye shi yadda ya zo. In aka yi haka, hash ɗin ya zama shi ne kalmar sirrin: wanda ya sace teburin sai kawai ya turo abin da ya gani a ciki, a buɗe masa.

Ɗaga nauyi da manta kalma

Kwamfutoci suna ƙara gudu, nauyin da ya isa yau zai yi kaɗan nan gaba. Ba za ka iya sake lissafa tsofaffin layuka ba tunda ba ka da kalmomin. Lokaci ɗaya ne kalmar ke hannunka, wato sa'ad da mai ita ya shiga daidai, kuma a nan ake yin canjin:

```php
if (password_needs_rehash($hash, PASSWORD_BCRYPT, ['cost' => 13])) {
    $sabo = password_hash($kalma, PASSWORD_BCRYPT, ['cost' => 13]);
    // maye gurbin tsohon da $sabo
}
```

In kuwa tsohon shafi ka gada mai MD5 tsura, kada ka jira kowa ya shiga. Ka ɗauki kowane tsohon hash ka zuba shi cikin `password_hash` yau ɗin nan, ka yi wa layin alama, ka goge na asalin har a tsofaffin kwafin ajiya. In mai layin ya zo, a fara yi wa kalmarsa MD5 sannan a tantance, daga nan a sake masa sabo kai tsaye a cire alamar.

Wanda ya manta kalmarsa ba a iya tuna masa, sai dai a ba shi damar sa wata. Ana ƙirƙirar lamba mai tsawo da `random_bytes(32)`, a tura masa ita cikin mahaɗi ta imel, a ajiye hash ɗinta kawai a teburi, tare da wa'adi gajere, kuma ta mutu da zarar an yi amfani da ita sau ɗaya. A nan SHA-256 ya wadatar, domin bayit 32 na kan-mai-uwa-da-wabi ba abin da ake cankowa ba ne komai gudun na'ura. Daga nan ne kuma mai amfani da shafi, wanda ba ya ganin rumbun, zai iya yin nasa gwajin. Ya danna wurin manta kalma. In aka turo masa tsohuwar kalmarsa a rubuce cikin imel, shafin yana riƙe da ita a siffar da ake iya karantawa, kuma ya kamata ya sauya ta a duk wani wurin da ya taɓa amfani da ita.